Minti talatin ɗin da kika roƙa, wanne ne daga cikin ukun?

*Tambaya: Malam, ina da shirin hira da nake ɗorawa a YouTube, inda nake tattaunawa da tsofaffin ma'aikatan rediyo a nan Kano. Akwai wani dattijo mai gabatar da shirin safe da nake son gayyata, amma ina jin nauyinsa. Ta yaya zan tunkare shi, kuma yaya za mu tsayar da lokaci da tsawon hirar? Shirina ba ya wuce minti 30.*

Ƙanwata, zan fara da abin da ya taɓa ci na, domin a nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Farkon shigata aikin furodusa an tura ni in naɗo muryar wani babban mai gabatar da shirye-shirye na wata tasha. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, minti 30 kawai nake roƙo." Ya ce to, in zo ƙarfe 12:00. Na isa 12:00 daidai ina jin na yi abin kirki. Kafin mu gaisa, in nemo wurin da ƙarar janareta ba ta kaiwa, in warware wayoyi, in gwada makirufo, 12:18 ta yi. Ƙarfe 12:30 yana cikawa ya dubi agogonsa, ya yi murmushi, ya ce yana da wani naɗi a sutudiyo. Na koma ofis da minti 12, rabinsu ma shimfiɗa ce. Bai yi mini laifin komai ba. Minti 30 na roƙa, minti 30 ya ba ni.

Tun daga ranar na gane cewa kowace hira tana da tsawo iri uku. Akwai lokacin da za ki ɗauke wa mutum daga shigowarsa zuwa tashinsa. Akwai tsawon abin da rikoda za ta naɗa. Sannan akwai abin da zai fita ga masu kallo bayan an tace. In kin ce wa ɗan kasuwa ko malamin makaranta "minti 30", yakan ɗauke shi a matsayin ƙiyasi, ya ba ki awa guda ba tare da ya lura ba. Ma'aikacin rediyo kuwa rayuwarsa kan agogo take. Shi ne mutumin da ya san cewa shirin minti 30 a tasha ba ya cika 30, don in an cire taken shiri da talla da sanarwa, abin da ke saura bai fi 25 ko 26 ba. Shi ne wanda injiniya ke ɗaga wa yatsa ta bayan gilashi cewa saura daƙiƙa goma. Duk lambar da kika faɗa masa, ita zai riƙe, kuma a kanta zai ɗora sauran al'amuransa na ranar.

Saboda haka in shirinki minti 30 ne, ga lissafin da nake yi. Gabatarwarki da rufewa za su ci minti uku zuwa huɗu, saura kamar 26 na bakinsa. Don samun 26 masu kyau daga mutum irinsa, nakan naɗi minti 45. Da wani baƙon ne wanda bai saba da makirufo ba, da na ce awa guda, domin za a zubar da in-ina da maimaici da yawa. Ɗan rediyo ba ya in-ina, jimlarsa a kammale take fitowa. Matsalarsa daban ce: minti goma na farko zai ba ki amsoshin da ya riga ya bayar sau ɗari, yadda ya shiga aikin, wanda ya koya masa, godiya ga masu sauraro. Suna fitowa sumul kamar an rubuta, kuma su ne za ki fi yankewa. Abin da kike nema yana zuwa ne bayan ya saki jiki ya manta da muryar aiki. A kan waɗannan minti 45 sai ki ƙara goma a gaba na gaisuwa da maƙala makirufo da gwada murya, da kuma goma ko sha biyar a baya na hoto, sake tambayar da ba ta fito da kyau ba, da sallama. Kin ga an doshi awa ɗaya da kwata. Wannan ita ce lambar da za ki roƙa, sauran biyun kuma ki faɗa masa su a fili.

Wasu kan ji tsoron faɗin gaskiyar lokacin, suna ganin in sun ce awa ɗaya da kwata za a ƙi. Sai su ce "ɗan lokaci kaɗan" da niyyar in an zauna a ja. Da ɗan jarida wannan dabarar ba ta ci, don shi ma ya yi wa wasu ita. Kuma akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba: ƙwararren mai gabatarwa yana auna amsarsa da lokacin da aka ba shi. In kin ce masa hirar minti goma ce, kowace amsa zai dunƙule ta cikin daƙiƙa 40 kamar mai ba da rahoto, labarin da kike so ya warware ba zai warware ba. In kin ce za a naɗi minti 45 kuma kina son labari ne da tsawonsa, sai ya zauna daban tun daga tambayar farko.

Yanzu maganar tunkararsa. Dattijo a ƙasar nan ba a fara masa da saƙon WhatsApp daga lambar da bai sani ba. Waɗannan mutanen wayarsu cike take da saƙonnin masu sauraro, masu neman a yi musu cigiya, masu neman taimako, masu gaisuwa. Naki zai nutse a ciki. Ki nemi wanda zai yi miki iso: furodusan shirinsa, ko wani malaminki da suka yi aiki tare, ko wani daga cikin waɗanda kika riga kika yi hira da su. Wannan na ƙarshen ya fi kowa amfani, domin abin da dattijon zai so ya sani shi ne ko kin kyautata wa abokinsa wajen tacewa, ko kin yanko maganarsa kin yi kanun tayar da ƙura da ita. In mai ison ya yi masa magana ya amsa, ki je da ƙafarki ki gaishe shi a tasha bayan ya sauko daga shiri, ki tafi da mai ɗaukar miki hoto ko wata abokiyar aiki. Wannan zuwan na gaisuwa ne, kada ki ɗauki kayan aiki. Minti biyar ya isa. Jin nauyin da kike yi ba aibi ba ne, zai ma gani ya ji daɗi, muddin bai hana ki faɗin abin da ya kawo ki ba.

Bayan gaisuwar, a ranar, sai ki tura masa a rubuce. Ba ya buƙatar doguwar wasiƙa. Ga irin wanda nake rubutawa:

"Assalamu alaikum Baba, barka da rana. Ni ce wadda ta zo gaishe ka ɗazu. Ina roƙon ka ba ni lokaci mu yi hira kan yadda ake gabatar da shirin kai tsaye kafin zuwan wayar salula, da yadda kuke karɓar wasiƙun masu sauraro a lokacin. Hirar ta bidiyo ce, naɗa za a yi, ba kai tsaye ba. Za mu naɗi kamar minti 45, abin da zai fita bayan tacewa minti 30 ne. Gaba ɗaya zan ɗauke maka awa ɗaya da kwata. In Talata mai zuwa ta yi maka, daga 11:00 zuwa 12:15 na rana, in kuma ba ta yi ba, Laraba a daidai wannan lokacin. Zan zo duk inda ya fi maka sauƙi. Allah ya ƙara girma."

Ki lura ban ce "yaushe kake da lokaci?" ba. Wannan tambayar ladabi ce a baki, amma aiki ce kika ɗora masa, kuma amsarta kullum ita ce "zan duba in sanar da ke", daga nan shiru. Rana biyu da sa'a tsayayya sun fi sauƙin amsawa: ko ya zaɓi ɗaya, ko ya ce a'a sai dai Alhamis. Kuma na rubuta lokacin tashi tare da na farawa. Ga mai aikin rediyo lokacin tashin ya fi muhimmanci, don daga shi yake lissafin abin da ke gabansa.

Me ya sa 11:00? Saboda kin ce shirin safe yake yi. Kafin ki sa rana ki zauna ki saurari tasharsa na mako guda, ki rubuta lokacin da yake hawa da lokacin da yake sauka. A ce yana sauka ƙarfe 10:00. Kada ki sa 10:00. Wanda ya yi awa biyu yana magana kai tsaye yana buƙatar ya sha ruwa, ya karya kumallo, ya gana da furodusansa kan shirin gobe, wataƙila ma akwai taron editoci. Kada kuma ki taɓa sa hira a awa biyun da suka rage kafin ya hau shirinsa, ko da shi ya ce ba komai. Jikinsa zai kasance a gabanki, hankalinsa na kan baƙon da bai iso ba da jaridun da bai duba ba, za ki gan shi yana satar kallon waya. Tsakanin 11:00 da 12:30 kuwa murya ta buɗe, gajiya ba ta sauko ba, kuma kin tsere wa kiran sallar Azahar. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a Kano, inda da wuya ki sami unguwar da lasifikar masallaci ba ta kaiwa, kuma masallatan ba lokaci ɗaya suke kira ba. In aka fara, dole ki dakata, na wannan masallacin ya gama na wancan ya ɗauka, sannan baƙonki ya tashi alwala. Zaren hirar ya tsinke ke nan. Tazarar da ke tsakanin La'asar da Magariba ma tana aiki, kamar daga 4:30, sai dai wanda ya tashi tun kafin Asuba don shirin safe, a wannan lokacin ya riga ya ƙare. Juma'a ki bar ta gaba ɗaya. In azumi ya kama, ki matso da hirar da hantsi kafin maƙogwaro ya bushe, ki kuma rage ta, ko ki haƙura sai bayan Sallah, domin tashoshi a watan nan jadawalinsu ya cika da tafsiri da shirye-shiryen da aka ɗauki nauyi.

Akwai tambaya guda da za ki yi masa tun a gaisuwar farko, wadda matasa ke mantawa: "Baba, sai an nemi izini a ofis?" In har yanzu ma'aikacin tasha ne, mai yiwuwa ba shi da ikon bayyana a wata kafa sai shugabanninsa sun sani, musamman a gidajen gwamnati da kafofin ƙasashen waje. Wani zai ce miki ba komai, ni zan gaya musu. Wani zai ce ki rubuto takarda zuwa ga manajan shirye-shirye. In haka ne ki ƙara mako guda ko biyu a lissafinki, kuma kada ki tsayar da rana sai takardar ta fito. Haka in a harabar tashar za a naɗa: shiga da kyamara izini ne daban, amfani da sutudiyonsu kuma wani izinin ne, don sutudiyo yana da nasa jadawalin, wani wurin ma kuɗi ake biya. Na taɓa ganin an kammala hira mai kyau, kwana biyu bayan ta fita baƙon ya kira yana roƙon a sauke ta saboda an ba shi takardar tuhuma a wurin aiki. Tambayar daƙiƙa biyar ce da ta hana wannan.

Zai iya cewa ki turo masa tambayoyin. Ni ba na tura tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, nakan tura batutuwa uku ko huɗu. Dalili kuwa, ɗan rediyo in ya ga tambaya a rubuce zai shirya mata amsa kamar rubutun labarai, ya zo ya karanto miki da ka. Batutuwan sun isa su sa ya tuno sunaye da shekaru, ya kuma nemo tsohon hoto ko kaset in yana da shi. Amma in akwai abu mai nauyi da kike son taɓawa, kamar dalilin barinsa wata tasha ko wata dakatarwa da aka taɓa yi masa, ki faɗa masa tun yanzu. In ya ce ban da wannan, kin sani, sai ki yanke shawara ko hirar ta ci gaba a haka. Kwanton ɓauna ga wanda ya ba ki lokacinsa kyauta ba dabara ba ce, kuma garin nan ƙarami ne ga masu wannan sana'a: sauran dattawan da ke cikin jerinki duk za su ji.

Tunda na ambaci kyauta, bari in taɓa maganar kuɗi a gurguje. Ba a sayen hira. In shi ne zai taso ya zo wurinki, ki aika a ɗauko shi ko ki ɗauki nauyin man motarsa, ki kuma faɗi haka tun a saƙon gayyata yadda ba zai zama abin kunya a bakin ƙofa ba. In ke za ki je, ɗan tsaraba irin wadda ake kai wa dattijo ta wadatar. Miƙa ambulan bayan an kashe kyamara yana iya ɓata wa wanda ya tsare mutuncinsa shekara talatin rai.

To, a ce ya zaɓi Talata. Ranar Litinin da yamma ki tura gajeren saƙo: gobe in Allah ya kai mu, 11:00 zuwa 12:15, a wuri kaza. Kada ki tambaye shi ko yana nan a kan bakansa, tunatarwa kawai. Talata ki isa 10:15 ko 10:30, ki nemi wanda zai buɗe miki ɗakin. Ki tsaya shiru na minti ɗaya ki saurari ɗakin da abin sauraro a kunne: fanka, firji, janareta, masu wucewa a baranda. Ki tambayi abin da ke faruwa in an ɗauke wuta, ta wane gefen injin yake. Ki kafa komai, ki sa abokin aikinki ya zauna a kujerar baƙo a daidaita hoto da murya a kansa. In da waya kike ɗauka, bidiyon minti 45 a 1080p yana iya cin giga uku zuwa shida, don haka ki share wuri tun daga gida, ki sa ta a `Airplane mode` kada kira ya katse naɗin, kuma a watannin zafi na Maris da Afrilu ki nisanta ta da taga don takan yi zafi ta tsaya da kanta. Duk wannan a lokacinki za a yi shi, ba a nasa ba. Idan ya shigo 11:00 ya tarar komai a shirye, kin riga kin gaya masa irin ma'aikaciyar da kike kafin ki buɗe baki.

Daga 11:00 zuwa 11:10 gaisuwa da maƙala makirufo. Da kin kunna, ki sa ya faɗi sunansa da yadda yake so a rubuta muƙaminsa, ki kuma maimaita a kan naɗin cewa hirar za ta fita a YouTube kuma ya amince. Daga 11:10 ki fara. Ki ajiye agogo inda ke za ki gani ba tare da kin juya ba. Tambayar da ta fi miki muhimmanci kada ta wuce minti na 20 zuwa 25, wato wajen 11:30 ko 11:35, lokacin ya saki jiki kuma in wani abu ya taso aka kira shi, kin riga kin samu. Masu ajiye babbar tambaya sai ƙarshe su ne ke komawa gida ba tare da ita ba. Ki kuma yi hattara da wata ɗabi'a tasu: zai juyo da hirar kanki. "To ke a ganinki fa?" Sana'arsa ce, ba da gangan yake yi ba. Ki yi dariya ki ba da amsa a jimla ɗaya ki mayar masa, in ba haka ba minti biyar ɗinki sun tafi a kan muryarki.

Ƙarfe 11:50 ki ce, "Baba, saura minti biyar a abin da muka yi alkawari, ina da tambaya ɗaya." Sau da yawa a nan ne zai ce, "A'a, ci gaba, ba na sauri." In ya faɗa da bakinsa, ki tambaye shi har zuwa ƙarfe nawa, ki riƙe sabuwar lambar. In bai faɗa ba, ki rufe 11:55 ko da hirar ta yi daɗi, ki ce akwai sauran magana, ko zai ba ki wata rana. Wanda aka sallama kan lokaci yakan yarda a dawo. Kafin kowa ya motsa ki roƙi a yi shiru na daƙiƙa 30 ki naɗi sautin ɗakin, za ki buƙace shi wajen haɗa wuraren da kika yanke. Sai hotuna, sai ki gaya masa ranar da shirin zai fita, ki kuma tsaya a kanta.

Idan ya makara fa? A ce ya shigo 11:25. Kada ki ɗauka lokacin tashi ya matsa da kansa. Ki tambaya: "Baba, har yanzu 12:15 za ka tashi?" In ya ce e, kina da minti 50 gaba ɗaya, naɗin ba zai wuce 35 ba. Ki zubar da tambayoyin shimfiɗa, ki faɗa masa kin yi haka, ki shiga tsakiya. In abin da ya rage bai kai minti 25 na naɗi ba, ni shawarata a ɗage zuwa rana ta biyun nan da kika riga kika ambata a saƙonki. Amfaninta ke nan. Ɗan jarida ba shi da iko da ranarsa: gobara a kasuwa, rasuwar wani babba, sanarwar gaggawa daga gidan gwamnati, duk suna iya sa a kira shi ya koma sutudiyo. In ya ɗage sau ɗaya ko biyu da dalili, kuma shi ya kawo wata ranar, yana so. In ya ɗage sau uku bai taɓa kawo wata rana da kansa ba, amsa ce ya ba ki cikin ladabi. Ki gode masa, ki wuce ga na gaba, ki sake gwadawa bayan wasu watanni da shirin abokinsa a hannu.

Tunda jerinki na tsofaffin ma'aikata ne, wata rana za ki nemi waɗanda suka yi aiki a sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, ko na DW ko Muryar Amurka, kuma wasunsu suna zaune a can. A nan sai ki riƙa rubuta lokaci kashi biyu a saƙo, na Najeriya da na inda yake. Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya ne kuma ba ya canzawa, amma na Turai yana canzawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, London da Kano lokacinsu ɗaya, Bonn kuma tana gabanmu da awa guda. Sauran watannin London tana bayanmu da awa guda, Bonn ta yi daidai da mu. Washington tana bayanmu da awa biyar a lokacin zafinsu, shida a lokacin sanyi. Tsofaffin ma'aikatan nan da yawa sun saba lissafi da agogon GMT, wanda muke gabansa da awa ɗaya, don haka in ya ce miki "ƙarfe biyu", ki tambaya agogon ina. In kuma ta Zoom za ku yi da asusun kyauta, yana yankewa a minti 40, gaisuwa da gwajin murya duk a ciki. Ki tsara hirar zama biyu tun farko, ki tura masa mahaɗi biyu, ki gaya masa za a tsaya a minti na 35 a sake shiga. Ki kuma roƙe shi ya kunna rikodar wayarsa a gefensa ya turo miki fayil ɗin bayan an gama, don in intanet ta yi ta yankewa muryarsa na nan lafiya. Wannan roƙon ba zai ba shi mamaki ba, shi ma haka yake sa wakilansa su yi.